Kamfanin da ya daina aiki bai daina bin ka bashi ba

Ranar da takardar rajista ta fito daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, mutane da yawa sukan ɗauka an gama. A sa takardar cikin gilashi a rataye, a buɗe asusun banki, shi ke nan. Alhali daga ranar ne wani wajibi ya hau kan kamfanin, kuma ba zai sauka ba sai an rufe shi a hukumance: miƙa rahoton shekara.

Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ce kowane kamfani ya aika wa CAC wannan rahoto sau ɗaya a shekara. Abin da ke ciki ba wani abu mai wuya ba ne: adireshin ofis, sunayen daraktoci, masu hannun jari da kason kowa, sai bayanin kuɗin kamfani. Ba shi ne rahoton haraji ba. Wancan hukumar haraji ake kai wa, kuma biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗayan.

A ɗauki misalin wani kamfanin casar shinkafa a Kano, wanda aka yi wa rajista a watan Maris na 2021, da daraktoci uku: mai shi, matarsa da ƙanensa. Doka ta ba shi wata 18 ya yi babban taron shekara na farko. A ce ya yi taron ranar 1 ga Agustan 2022. Daga nan kwana 42 ke gare shi, don haka 12 ga Satumba ce ranar ƙarshe ta miƙa rahoto. Taro na gaba kuma bai kamata ya wuce wata 15 bayan wannan ba. Da a ce ƙaramin kamfani ne, wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba, dukiyarsa bayan cire bashi kuma ba ta wuce miliyan 60 ba, tare da sauran sharuɗɗa, doka ta yafe masa taron, ta yafe masa ɗaukar mai binciken kuɗi. Rahoton kam ba ta yafe masa ba.

To, a 2023 kasuwa ta ƙi, injin ya tsaya, ma'aikata suka watse. Mai kamfani ya ce ai ba a ciniki, me za a rubuta? A nan kuskuren yake. CAC ba ta tambayi ko an ci riba ba. Muddin sunan yana cikin rajista, rahoto na nan. Idan aka shiga 2026 ba a miƙa komai ba, shekara uku ke nan, kowace da kuɗin miƙawarta, kowace da tararta. Sashe na 425 kuma bai tsaya kan kamfani ba, ya ɗora tarar a kan kowane darakta. Wannan ne ya fi damuna, domin matar nan da ƙanen nan galibi an sa sunansu ne don a cike takarda, ba su taɓa sanin sun ɗauki wani nauyi ba.

Gane halin da ake ciki ba ya buƙatar lauya. A nemi sunan kamfanin a shafin binciken CAC. Idan an ga INACTIVE a gefensa maimakon ACTIVE, akwai rahoton da ba a kai ba, kuma banki ko ma'aikatar da ake neman kwangilarta su ma abin da za su gani ke nan. Wanda ya yi shekara 10 a jere bai miƙa ba, hukuma na da ikon soke sunansa gaba ɗaya. Sokewar ba ta wanke daraktoci daga abin da ake bin su.

Sau da yawa sai kwangila ta taso ake tunawa. Sai a ruga wurin wakili, a ce ya cike komai cikin kwana biyu. A irin wannan gaggawa ce ake rubuta ranar taron da ba a yi ba, ko a bar sunan daraktan da ya rasu, ko a rage ciniki don kamfani ya shiga sahun ƙanana. Wannan ya fi jinkiri muni nesa ba kusa ba. Jinkiri kuɗi yake ci. Ƙarya da gangan a kan muhimmin abu cikin rahoto kuwa laifi ne a ƙarƙashin sashe na 862, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 idan kotu ta kama mutum da shi. Daraktan da ya sa hannu ba zai fake da cewa wakili ne ya cike ba, don haka ya karanta kafin ya sa. Idan kuma lissafi bai kammala ba, sashe na 421 ya ba kamfani damar neman ƙarin lokaci daga CAC, kuma ya fi kyau a nema tun kwana 42 ɗin ba su cika ba.