Daga Hoton Littafin Adashi Zuwa Lissafin Kowace Mai Zubi

Uwar adashi takan riƙe littafi guda: sunaye a jere ta hagu, kwanakin zubi a sama, sai alama a gaban sunan duk wadda ta kawo nata. A yanzu da masu zubin suka warwatsu, wata tana Kaduna, wata ta bi miji Abuja tana turowa ta OPay, sai a ɗauki hoton shafin a tura wa wata 'yar gida mai ilimin boko ta fitar wa kowa lissafinta. A ido ƙaramin aiki ne, amma a nan ake samun saɓanin da ke ɓata zumunci, domin kuskuren layi ɗaya kan mayar da wadda ta cika zubinta mai bashi.

Hoton kansa shi ne farkon matsala. Littafi yana da tudu a tsakiya, don haka idan aka ɗauke shi a karkace layuka sukan lanƙwasa, alamar da ke gaban suna na huɗu ta koma kamar ta na biyar. Ga shi kuma shafin dama yawanci ba shi da sunaye, na hagu yake bi. Saboda haka a shimfiɗa littafin a wuri mai haske, a tsai da wayar daidai samansa, a ɗauki shafukan biyu tare, sannan a matso a ɗauki kowane ɓangare. Idan uwar adashi ta yarda, ta rubuta lamba a gaban kowane suna, ta maimaita lambar a ƙarshen layin ta dama. WhatsApp yana rage ingancin hoto, don haka a tura shi ta hanyar Document. A kuma tambayi ranar da lokacin da aka ɗauka. Hoton da aka ɗauka da hantsin Juma'a ba zai nuna kuɗin da aka kawo bayan la'asar ba.

Kafin a kwafi komai, a kira uwar adashi ta fassara alamominta, domin kowace da salonta. Wata idan ta rubuta 5 dubu biyar take nufi. Wata maki take sawa. Ɗan layi a kwance a wurin wata yana nufin “ba ta kawo ba”, a wurin wata kuma “kamar na sama”. A Maraɗi ko Damagaram akwai ƙarin abin lura, tunda a baki da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Wadda ta ji “ɗari biyu” ta rubuta 200 tana iya nufin jika guda, wato sefa 1,000. Mai rubutu da lambobin Larabci ma, biyar ɗinta tana kama da sifilin boko, shida kuma tana kama da bakwai.

A ganina ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a raba kwafi da lissafi. Da farko a kwafe abin da ke shafin yadda yake, gida bayan gida, ba gyara ba hasashe. Gidan da ba ya karantuwa a sa masa alamar tambaya. Kada a cike shi da 5,000 wai don matar ba ta taɓa fashi ba. Mai kwafi ba ta wurin ranar, kuma da zarar ta cike gurbin da zatonta, babu mai sake ganin cewa akwai shakka a wurin. Sai an gama wannan sannan a shiga tarawa.

Bari mu ɗauki misali. Mata tara ne ke adashi, ɗaya daga cikinsu, mai ɗinki, hannu biyu take zubawa, ya zama hannu goma ke nan. Zubin ₦5,000 ne duk Juma'a, kwasa ₦50,000. An yi mako shida. A bai wa kowane hannu layinsa, wato mai ɗinki ta fito sau biyu. Lissafin kowane hannu shi ne abin da ya zuba a cire abin da ya kwasa. Wadda ta kwasa a mako na biyu ta zuba ₦30,000, ta karɓi ₦50,000, don haka ana bin ta ₦20,000, daidai da zubin makonni huɗun da suka rage. Wadda ba ta kwasa ba tana da ₦30,000 a cikin adashin. A Excel ko Google Sheets, idan makonnin suna ginshiƙan C zuwa H, kwasa kuma tana I, ga abin da za a rubuta:

```
=SUM(C2:H2)-I2
```

Dalilin raba layin mai ɗinki ya fito fili a nan. Idan hannunta ɗaya ya kwasa, ɗayan bai kwasa ba, haɗa su zai nuna tana da rarar ₦10,000 kawai. Wannan adadi gaskiya ne, amma ya ɓoye abin da take buƙatar sani: akwai sauran zubin ₦40,000 a kanta, kuma akwai kwasar ₦50,000 da take jira.

Adashi yana da wani sauƙi da ke taimaka wa mai kwafi, domin duk abin da ya shigo a mako fita yake yi a makon. Hannu shida da suka kwasa ana bin su ₦120,000 a jimlace, hannu huɗu da ba su kwasa ba suna bin ₦120,000. Idan aka haɗa, sifili ya kamata a samu, ko kuma daidai kuɗin da ke hannun uwar adashi a lokacin. In ba a samu haka ba, girman giɓin yakan nuna inda za a duba. A ce jimlar zubi ta fito ₦295,500 maimakon ₦300,000. Giɓin ₦4,500 ne, kuma 9 tana raba shi daidai, ya ba da 500. Wannan alama ce ta cewa an zubar da sifili, an kwafi 5,000 a matsayin 500. Idan giɓin ₦5,000 ne cif, to an tsallake gida, ko kuma wata ta yi fashi. Idan ₦2,000 ne, a duba gefen shafi, wataƙila akwai ƙaramin rubutu cewa wata ta kawo dubu uku, saura biyu.

Fashin nan yana buƙatar kula. Sau da yawa uwar adashi kan cike daga aljihunta don kada mai kwasa ta karɓi kuɗi a tauye, sannan ta sa maki a littafi tunda kuɗin ya cika. A takarda matar ta biya, alhali uwar adashi na bin ta. Irin wannan a ba shi wurinsa daban, haka ma ladan uwar adashi idan ana cire mata wani abu daga kwasa. In ba haka ba lissafin ba zai taɓa haɗuwa ba.

Akwai kuma kuskuren da jimla ba ta kamawa. Idan aka ɗauki zubin wata aka sa a layin maƙwabciyarta, ko aka haɗa mata biyu masu suna iri ɗaya, jimlar mako za ta fito ₦50,000 daidai, amma ɗaya ta yi rara, ɗaya ta yi giɓi. Shi ya sa bayan an tara kowane mako daga sama zuwa ƙasa, dole a bi kowane layi daga hagu zuwa dama, a tabbatar babu hannun da ya wuce ₦30,000 ko ya gaza ba tare da dalili ba. Masu turowa ta waya kuma a gwada nasu da saƙon shigar kuɗi, a tuna cewa sunan da ke kan saƙon yana iya zama na miji ko na mai POS.

Idan an kammala, mai kwafi ta karanta wa uwar adashi lissafin suna bayan suna, ita kuma tana bi da yatsa a littafin na ainihi. Inda suka saɓa, littafin ake bi har sai an samu hujja. Sannan a tura wa kowace mace nata ita kaɗai, da ranar da lissafin ya tsaya, a kuma ajiye hoton ba tare da an goge ba har zagayen ya ƙare kowa ta kwasa.