Dalilin da Ya Sa Amsar da Aka Samu a Intanet Ba Ta Jiran Mai Ita

Injin bincike irin su Google ba ya ajiye amsa guda ga kowace tambaya. Duk lokacin da aka rubuta tambaya, a nan take yake duba kundinsa, ya zaɓo shafukan da yake ganin sun dace, ya jera su. Idan aka sake rubuta tambayar bayan wata uku, daga farko zai sake wannan aikin, da kundin da ya riga ya canja, da ma'aunin da wataƙila aka gyara. Shi ya sa mutum kan ga bayani mai gamsarwa yau, ya rufe waya da niyyar dawowa, ya dawo ya neme shi sama ko ƙasa ya rasa.

Kundin nan shi ne tushen al'amarin. Google yana da wata manhaja mai suna Googlebot da ke yawo daga shafi zuwa shafi dare da rana, tana karanta abin da ke ciki tana shigar da shi kundi. Sababbin shafuka na shigowa, waɗanda aka gyara ana sabunta su, waɗanda suka mutu ana cire su. Bayan haka akwai ma'aunin da ake jera sakamako da shi, wanda kamfanin da kansa yake sanar da cewa yana yi masa manyan gyare-gyare sau da dama a shekara, ban da ƙananan da ba a shelantawa. Shafin da yake na farko a watan Janairu zai iya komawa na goma sha biyar a watan Yuni ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba, kuma mutane ƙalilan ne ke gangarawa har can.

Shi kansa mai tambaya yana cikin lissafin. Wurin da yake, da harshen da aka saita wayarsa a kai, da abin da ya saba nema, duk suna iya shafar abin da za a nuna masa. Wanda ke Kano da wanda ke Maraɗi za su iya rubuta kalmomi iri ɗaya a sa'a ɗaya su ga jeri daban. Sannan da wuya mutum ya tuna ainihin kalmomin da ya rubuta a karon farko, kuma canjin kalma ɗaya ya isa ya sauya sakamako. Ga mai bincike da Hausa abin ya fi ƙamari, domin shafukan da suka yi magana a kan batu ɗaya ba su da yawa, har sabon rahoto guda yakan iya ture wanda aka gani a baya.

Wannan duk sauyin jeri ne, shafin yana nan, wahalar gano shi ce ta ƙaru. Abin da ya fi muni shi ne shafin ya ɓace gaba ɗaya. A watan Mayu na 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto da ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Ko shafukan 2023, kashi 8 cikin ɗari sun riga sun ɓace kafin shekarar ta ƙare. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: mai shafi ya daina biyan kuɗin suna ko na masauki, jarida ta sake fasalin gidanta na intanet tsofaffin adireshi suka daina aiki, ko kamfani ya rufe hidimar ɗungurungum. Yahoo Answers, inda mutane suka yi shekaru tun 2005 suna tambaya ana ba su amsa, an rufe shi ranar 4 ga Mayu, 2021. Lambar 404 da kan bayyana a fuskar waya alama ce ta cewa kwamfutar da ke ɗauke da gidan tana aiki, amma ba ta sami shafin da aka nema ba. A da akwai ɗan sauƙi, domin Google yakan bari a duba kwafin da ya ajiye na shafi, amma ya janye wannan damar a 2024.

Akwai kuma shafin da bai mutu ba, sai dai an sake rubuta abin da ke cikinsa. Wannan ya fi yaudara, tun da adireshin yana buɗewa lafiya kuma babu wata alama da ke nuna cewa an canja komai. Wani bincike da Jonathan Zittrain da abokan aikinsa suka wallafa a Jami'ar Harvard a 2014 ya gano cewa kusan rabin adireshin intanet da Kotun Ƙolin Amurka ta ambata a hukunce-hukuncenta ba sa kai mai karatu ga abin da alƙalan suka gani. Adireshi kamar kwatancen gida ne: zai kai mutum ƙofa, amma ba ya tabbatar da cewa wanda aka zo nema bai tashi ba. Saboda haka ajiye adireshi kaɗai, ko tura shi ga wani ta WhatsApp, ba ajiye amsa ba ne.

Kuɗin fasfo a Najeriya misali ne da ke nuna yadda waɗannan abubuwa ke haɗuwa. Wanda ya tambayi farashin fasfo mai shafuka 32 na shekara biyar a watan Yulin 2024, amsar ita ce naira 35,000. Daga 1 ga Satumba, 2024, Hukumar Shige da Fice ta mayar da shi naira 50,000, sannan daga 1 ga Satumba, 2025, ya koma naira 100,000 ga masu nema a cikin ƙasa. Tambaya ɗaya ce, amsa uku, kuma kowace gaskiya ce a lokacinta. Matsalar ita ce rahotannin da suka kawo alƙaluman ukun za su iya zama a kundin bincike tare, kuma wanda ya fito a sama ba lallai ya zama mafi sabo ba. Mai karatun da bai dubi ranar da aka wallafa rahoto ba zai iya yin tanadin rabin abin da za a caje shi.

A irin wannan hali amfanin kwafin da aka ajiye ba shi ne a riƙa aiki da shi har abada ba. Kwafin watan Yuli ba zai sa a sayar wa kowa fasfo a tsohon farashi ba. Amfaninsa shi ne shaida. A ɗauka wani ya karɓi kuɗi daga 'yan'uwansa huɗu a watan Agustan 2024 don ya biya musu, ya karɓi naira 140,000, aikin ya yi jinkiri zuwa tsakiyar Satumba, sai aka ce naira 200,000 ake bukata. Idan yana da kwafin sanarwar farko da ranar da ya gan ta, da kwafin ta biyu, giɓin naira 60,000 ya bayyana kansa ba tare da rantse-rantse ba. Idan kuwa adireshi kawai ya riƙe, yana buɗe shi sabon farashi zai gani, kamar dama can haka yake.

Daga nan za a gane cewa amsoshi iri biyu ne, kuma kowanne da yadda ake riƙe shi. Akwai amsar da ke tsufa, irin su farashi, da wa'adin rajista, da ƙa'idar hukuma. Ita ana ajiye ta don shaida, amma dole a sake tambaya kafin a kashe kuɗi ko a kama hanya. Akwai kuma amsar da ba ta tsufa da sauri, kamar bayanin yadda ake gyara wata na'ura, ko tarihin wani gari, ko warwarar wani lissafi. Haɗarin da ke kanta shi ne ɓacewa, don haka kwafin da ke hannu yakan zama shi ne kaɗai ya rage.

Ajiya mai amfani tana ɗauke da abu uku: rubutun kansa, da adireshin da aka same shi, da ranar da aka gan shi. Hanya mafi inganci ita ce mayar da shafin fayil na PDF. A Chrome na wayar Android, a taɓa ɗigo ukun da ke sama, a zaɓi Share, sannan Print, sannan Save as PDF. A kwamfuta kuwa a danna Ctrl+P a zaɓi Save as PDF, a kuma kunna Headers and footers, domin shi ke buga adireshi da kwanan wata a gefen takardar. Kafin a rufe shafin, yana da kyau a buɗe fayil ɗin a duba, saboda wasu shafuka ba sa fito da hotuna ko ƙarshen rubutu sai an gangara ƙasa tukuna, kuma PDF ɗin yakan fito a guntule. Hoton fuskar waya ya fi sauri, shi ya sa aka fi yin sa, amma sau da yawa yana yanke adireshi, ba ya nuna rana a jikinsa, kuma yana nutsewa cikin dubban hotuna. Idan shi za a yi, a haɗa da layin adireshin, a kuma ware masa wuri na dabam. Sunan fayil ma yana rage wahala. Wanda ya fara da shekara, wata, rana, yakan jeru bi da bi da kansa:

```
2024-08-20-kudin-fasfo.pdf
```

Kwafin da ke waya ɗaya rak yana tafiya tare da wayar ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa. Ya kamata a sami na biyu a wani wuri, ko a imel, ko a filashi, ko a buga a takarda idan batun kuɗi ne ko shari'a.

Idan ana son shaidar da ba ta dogara da wayar mutum ba, akwai Wayback Machine na cibiyar Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996 a birnin San Francisco, aka buɗe rumbun ga jama'a a 2001. Ana shiga wannan adireshin, a liƙa adireshin shafin da ake so, a danna maɓallin ajiya:

```
web.archive.org/save
```

Rumbun zai ɗauki kwafi, ya ba da sabon adireshi mai ɗauke da rana da lokaci, wanda kowa zai iya buɗewa. A nan ne kuma ake fara neman shafin da ya riga ya mutu, ko da yake sai an taki sa'a wani ya ajiye shi a baya. Ba ya iya ɗaukar abin da sai an shiga da kalmar sirri, kamar shafin banki ko rasidin biyan kuɗi, waɗanda dama bai kamata a kai su wurin jama'a ba. Shi ma ba ya rasa tangarɗa, domin a watan Oktoban 2024 masu kutse sun kai masa hari har ya yi kwanaki a rufe.

Wikipedia ta sauƙaƙa wannan aiki fiye da yawancin wurare, tun da tana riƙe da kowane gyara da aka yi wa maƙala. Adireshin maƙala na yau da kullum yana nuna sigar ƙarshe ne, wadda za ta iya canjawa cikin sa'a guda. Amma a cikin kayan aikin shafin akwai Permanent link, wanda ke ba da adireshi mai ɗauke da `oldid=` da lamba a bayansa. Wannan adireshin yana buɗe ainihin sigar da aka karanta a ranar, ko da an yi wa maƙalar gyara ɗari bayan haka, kuma shi ne ya dace ɗalibi ya rubuta a aikinsa tare da ranar da ya duba.