Foldar da Ta Ƙi Goguwa: Yadda Za Ka Gano Mai Riƙe da Ita

Ka danna Delete a kan folda, sai Windows ta fito da saƙon "Folder In Use", wai akwai wata manhaja da ke amfani da ita. Abin haushin shi ne ba ta cika faɗin wace manhaja ba ce, kai kuma ka duba allo ba ka ga komai a buɗe ba.

Duk manhajar da ta buɗe fayil ko folda, Windows kan ba ta wata shaidar riƙo, kamar katin da mai gadin babura ke miƙa maka a bakin kasuwa. A lokacin buɗewar ne manhajar ke faɗin ko ta yarda wani ya goge abin da ta riƙe. Da yawa ba sa yarda. Muddin shaidar na hannunsu, gogewa ba za ta yiwu ba, ko da fayil ɗaya ne tak a can ƙuryar foldar. Wani lokaci ma babu fayil a buɗe: tagar Command Prompt da ke tsaye cikin foldar ta isa ta hana.

A ce foldar bidiyon biki ce mai suna Biki. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
resmon
```

Resource Monitor zai buɗe. Shiga sashen CPU, ka nemi Associated Handles, ka rubuta Biki a akwatin binciken da ke wurin. Jira kaɗan, sunan mai riƙon zai fito tare da cikakkiyar hanyar fayil ɗin.

Sunan ne zai nuna maka abin yi. Idan WINWORD.EXE ne, wata takardar Word ce ba ta rufu ba, sai ka ajiye aikinka ka rufe ta. A foldar bidiyo kuwa, sau da yawa explorer.exe ko dllhost.exe za ka gani. Wato ita kanta tagar da kake kallon foldar ce ke ƙera ƙananan hotunan samfoti, musamman in wani bidiyon ya lalace ta maƙale a kansa. Rufe tagar, ka buɗe Task Manager, ka zaɓi Windows Explorer, ka danna Restart, sannan ka sake gwada gogewa.

A kiyaye da End Process. Yana kashe manhaja nan take, aikin da ba a ajiye ba ya tafi ke nan. In sunan System ne ko svchost.exe, kada ka taɓa, gara ka sake kunna kwamfutar.

Idan binciken ya dawo wayam, mai yiwuwa wani fayil ɗin DLL ne daga foldar aka loda cikin wata manhaja. Wannan sai Process Explorer, wanda Microsoft ke bayarwa kyauta: buɗe shi da Run as administrator, ka danna Ctrl+Shift+F, ka rubuta sunan foldar.