Yadda Ake Rubuta Shaida a Kan Dattijon da Ya Rasu

A ƙasar Hausa ba a jinkirta binne mamaci. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Saboda haka rubutun farko da iyali suke fitarwa gajere ne: a buɗe da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", a faɗi sunan marigayin, a faɗi wuri da lokacin jana'iza, a rufe da addu'a. Wannan sanarwa ce, aikinta ta tara jama'a. Akwai kuma rubutu na biyu, wanda yakan zo bayan an tashi daga zaman makoki, ko ranar sadakar bakwai ko ta arba'in ga gidajen da suke yi, ko bayan shekara ta zagayo. Shi ne wanda ɗa ko jika yake zama ya rubuta don 'yan uwa da abokan arziki su san wane ne aka rasa. A kansa nake son yin magana, domin shi ne ya fi wuya, kuma shi ne aka fi ɓatawa.

Wanda ya ɗauki alƙalami don wannan aiki shaida yake bayarwa. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta da alheri, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa shaidar mutane a kan mamaci tana da nauyi a wurin Allah. An kuma hana zagin matattu. Waɗannan biyu su ne iyakokin filin: ba a tona aibin wanda ya tafi, ba a kuma ƙaga masa alherin da bai yi ba. Abin da ya rage a tsakani shi ne alherin da aka gani da ido, kuma shi ake so a rubuta.

Matsalar ita ce yawancin abin da ake rubutawa ba a gan shi da ido ba, an dai ji ana faɗa ne a kowace ta'aziyya. "Mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai son zumunci, ba ya faɗa da kowa." Duk gaskiya ne, ƙila, amma cire sunan marigayin ka sa na maƙwabcinsa, ba abin da zai canza. Hanyar gane rubutun da bai yi aikinsa ba ke nan. Idan jikan da bai riski dattijon ba ya karanta, ya gama, bai iya faɗin abu ɗaya da kakansa ya taɓa yi da hannunsa ba, to an yi addu'a, Allah ya karɓa, amma ba a ba da shaida ba.

Mu ɗauki mutumin da kowa ya sani, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya rasu ranar 3 ga Yuli, 2017, a wani asibiti a birnin Alƙahira, aka kawo shi Kano aka yi masa sutura. Mai son jero muƙamai ba zai rasa abin cewa ba. An haife shi a Kano a 1929, ya koyar a makarantar Midil ta Kano, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya riƙe Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki a Jamhuriya ta Farko har zuwa juyin mulkin 1966. A 1976 ya shugabanci Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya. Ya nemi jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari ya samu, daga baya kuma ya tafi Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin wakilin Nijeriya, inda ya jagoranci kwamiti na musamman mai yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Wannan jeri daidai ne, kuma yana da wurinsa a rubutun. Sai dai aikin jarida ne, kowa zai iya tattara shi ko da bai taɓa zama da mutumin ba.

Abin da ya sa Kanawa suke tuna Ɗanmasani yana wani wurin. Mutum ne da bai taɓa ɓoye asalinsa ba. Da bakinsa yake ba da labarin cewa mahaifinsa bara ne a gidan Madakin Kano, kuma Madaki ne ya sa shi makaranta, yana faɗa ba tare da jin nauyi ba, a gari irin Kano inda ake ƙirga asali. Mutum ne kuma da idanunsa suka tafi a ƙarshen rayuwarsa, amma bai zauna a ɗaki ba. Ana riƙe da hannunsa ake shigo da shi taro, a zaunar da shi, a miƙa masa abin magana, sai ya yi ta zuba jawabi da ka, da Hausa ko da Turanci, ba takarda, zauren ya yi tsit. Wanda ya rubuta waɗannan abubuwa biyu kawai ya gaya wa mai karatu tawali'un mutumin da juriyarsa, alhali bai ambaci kalmar tawali'u ko juriya ba. A ganina sakin layi ɗaya irin wannan ya fi shafi uku na muƙamai.

Dattijon unguwa da bai taɓa riƙe minista ba shi ma haka ne, har ma rubutu a kansa ya fi buƙatar wannan kulawa, tunda babu jaridar da za ta adana labarinsa. A ce tela ne, ko mai sayar da hatsi, ko ladan. Kada mai rubutu ya dogara da abin da shi kaɗai ya tuna, domin ɗa yakan san mahaifinsa ne a cikin gida, inda sau da yawa fuskar a ɗaure take. Lokacin zaman makoki shi ne lokacin tattara labari. Abokin sana'arsa yana nan a kan tabarma, da wanda suke sahu ɗaya a masallaci, da tsofaffin almajiransa ko yaran shagonsa, a cikin gida kuma ga gwaggo da inna da suka san shi tun yana saurayi. Tambayar "Yaya halin Baba yake?" ba ta kawo komai sai amsar da aka saba. A ce, "Kawu, wace rana ce ba za ka manta ba tsakaninka da Baba?" Nan ne za a ji cewa shi ya shiga tsakani lokacin da rigimar iyakar gona ta kusa kai 'yan uwa gaban alƙali, ko cewa duk jajibirin salla yana ɗinka wa marayun layin kaya, ya aika da dare don kada a gani. Irin wannan a rubuta shi yadda aka ji, da unguwar da abin ya faru, da shekarar in an tuna. Sunan wanda aka taimaka wa kuwa a bar shi, sai in shi ya ce a faɗa, domin marigayin ya rufa masa asiri yana raye.

Batun shekaru yana bukatar natsuwa. Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, iyali kuma suna son lamba mai girma, sai ka ji an ce ya shekara ɗari da goma alhali ɗan farinsa bai kai sittin ba. Ana iya kusantar gaskiya ta hanyar abubuwan da marigayin yake auna rayuwarsa da su. Idan yana cewa yana yaro mai wayo lokacin da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu, wannan 1953 ce. Zuwan Sarauniyar Ingila Arewa 1956 ne. Idan ya yi auren fari shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, 1973 ke nan. Daga nan sai a rubuta "kimanin shekara kaza", ba aibi ba ne. A kuma faɗi da wane lissafi aka ƙirga, saboda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana goma sha ɗaya, kuma a tsawon rai wannan yana taruwa. Ɗanmasani ya rasu yana da shekara 87 a lissafin Miladiyya, amma a na Hijira ya cika 90. Mutum biyu a gida ɗaya za su iya saɓawa a kan haka, kowa yana da gaskiya.

Inda rubutun ya fi jawo ɓacin rai shi ne wajen lissafa waɗanda aka bari. A gidan da ake da mata biyu ko uku, idan ɗan ɗaki ɗaya ya rubuta, ya ambaci 'yan ɗakinsu da muƙamansu, ya ce "da sauransu" ga ragowar, ya buɗe ƙofar da za ta daɗe ba ta rufu ba, ga kuma rabon gado yana tafe. Ko dai a ambaci kowa bisa tsarin haihuwa, mata da maza, ko a tsaya ga adadi: ya bar mata kaza, 'ya'ya kaza, jikoki kaza. Kafin a fitar, a karanta wa babban wa ko baffa, a kuma aika cikin gida a karanta wa iyaye mata, waɗanda a lokacin suna cikin takabarsu ta wata huɗu da kwana goma, ba lallai su ga abin da aka rubuta ba sai an kai musu. Gidaje da dama ba sa son a fitar da sunayen matan, wannan sai a tambaya.

Akwai abubuwan da ba su da wuri a ciki ko kaɗan. Hoton gawa, ko na marigayi a kan gadon asibiti da robobi a hanci, cin mutuncinsa ne. A nemo wanda yake cikin rigarsa da hularsa, yadda yake son a gan shi. Bayanin cutar ya tsaya a "bayan gajeriyar rashin lafiya" ko "doguwar jinya". Habaici ga dangin da ba su zo dubiya ba a ajiye shi. Kada kuma son da ake masa ya kai mai rubutu ga yanke hukuncin cewa yana Aljanna. Roƙo ake yi: Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Layi ɗaya da ake yawan mantawa shi ne na bashi. A wurin jana'iza akan yi shela cewa duk wanda yake bin marigayi, ko marigayi yake binsa, ya zo ya sami iyali, saboda ana biyan bashi ne kafin a zartar da wasiyya, kafin a raba gado. Amma ba kowa ne yake halartar jana'izar ba. Dattijon da ya yi fatauci yana iya samun abokin hulɗa a Maraɗi ko Kumasi wanda ba zai ji rasuwar ba sai ta wannan rubutu, kuma kunya za ta hana shi tayar da zancen kuɗi idan ba a ba shi ƙofa ba. Don haka a maimaita shelar a ƙarshen rubutun, a faɗi wanda iyali suka wakilta a tuntuɓa, a haɗa da neman yafiya ga duk wanda marigayin ya saɓa wa.