Kasafin Kuɗin Bincike da Jadawalinsa: Jan Hankali ga Ƙananan Malaman Jami'a

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin da ke duba takardun neman tallafin bincike a jami'a ya san cewa sau da yawa malami kan kyautata bayanin mas'alar da yake son bincikawa, ya kawo hujjoji gamsassu, amma da an iso shafin kuɗi sai a tarar da lissafi na shaci-faɗi, wanda aka fara daga jimla sannan aka koma ana neman abin da za a cike ta da shi. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da ƙaramin tallafi da malamai kan nema ta hannun makarantunsu, wanda aka yi shekaru da dama iyakarsa tana kan naira miliyan biyu. To, sai ka ga takardu birjik kowacce ta faɗa daidai kan miliyan biyu cif, kamar dai masu su sun haɗa baki, alhali ayyukansu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Ƙa'ida ita ce aiki ya haifi lissafi. Bari mu ƙaddara wani malami yana son auna tsabtar ruwan rijiyoyi a ƙauyuka goma, rijiya uku a kowane ƙauye, sau ɗaya da damina sau ɗaya da rani. Farashin da zan ambata na misali ne kurum, domin wajibi ne kowa ya je ɗakin gwaje-gwaje da tasha da ƙafarsa ya tambayo na ranar, kuma ya karɓo shi a rubuce.

Rijiya 30 sau biyu ta ba da samfur 60, kuma tun da kwalba kan fashe, wani gwajin kuma kan ba da sakamako mai shakku har a bukaci maimaita shi, sai ya ƙara 6, su zama 66. In kowane gwaji naira 12,000 ne, kuɗin ɗakin gwaje-gwaje ya kama 792,000. Daga nan sai sufuri, kuma a nan ne akasari ake yin tuntuɓe, saboda ruwan da za a nemi ƙwayoyin cuta a cikinsa ana son ya isa ɗakin gwaji cikin ƙanƙara kafin awa shida, in ya yi nisa kada ya wuce kwana guda, wanda ke nufin malamin ba shi da ikon ya zagaye ƙauyuka goma a fita ɗaya ya loda kwalabe a bayan mota ya dawo bayan kwana uku. Ƙauye biyu a yini shi ne gwargwadon abin da zai yiwu, wato fita biyar kowane zango, goma ke nan. Sa'an nan akwai fita biyu na tun farko don gaida dagatai da masu unguwanni da neman izininsu, waɗanda masu nema kan manta, alhali baƙon da ya doshi rijiyar mutane da kwalba ba tare da sallama ba ya san abin da zai tarar. Fita 12 a kan naira 35,000, kuɗin mota da mai, ya zama 420,000. Mataimaka biyu, kowanne 5,000 a yini, 120,000. Kwalabe da kula da ƙanƙara, 110,000. Buga rahoto da kuɗin mujalla, 250,000. Jimla 1,692,000.

Saura tanadin ko-ta-kwana. Wanda ya rubuta kasafinsa a farkon 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ya wayi gari bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar da lita ta haura 500, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan wannan. Kashi goma cikin ɗari, kimanin 170,000, ya kai abin nema ga 1,862,000, kuma a ganina wannan adadi da ya gaza miliyan biyu ya fi miliyan biyu cif ƙarfin hujja a gaban kwamiti, domin kowace naira a cikinsa tana da asalin da za a iya bi. Sai dai a karanta sharuɗɗan mai ba da tallafi tukuna: wani bai yarda da layin ko-ta-kwana ba, wani kuma bai yarda a sayi kwamfuta ko a biya wa mai binciken kansa lada ba, kuma layi ɗaya da aka haramta ya isa a maido da takarda.

Amma babbar mas'alar da na fi son a lura da ita ita ce haɗa kasafi da jadawali, domin irin wannan tallafi ba a cika ba da shi gaba ɗaya ba. Akan ba da kaso na farko, a riƙe saura sai an kawo rahoton ci gaba da shaidar yadda aka kashe na baya. A ce kason farko kashi sittin ne cikin ɗari, wato kimanin 1,117,000. Zangon farko na aikin malaminmu zai ci 396,000 na gwaji, 245,000 na fita bakwai, 70,000 na mataimaka, da 110,000 na kayan aiki, jimla 821,000, ya bar masa 296,000 a hannu, alhali zango na biyu yana bukatar 621,000. Ma'ana, in bai rubuta rahoto ya miƙa rasit da zarar ya gama zangon farko ba, yadda takardunsa za su sami watannin da suke bukata suna bin ofis-ofis har kuɗi su fito, to, lokacin ɗiban ruwa na biyu zai zo ya same shi ba ko kuɗin mota, kuma damina ba ta jiran sa hannun ma'aji. Saboda haka rubuta rahoton tsakiya aiki ne da ya cancanci watansa a cikin jadawali, kamar yadda ɗiban ruwa ya cancanta.

Haka kuma kada a rubuta jadawali da Janairu da Fabrairu, tun da ba wanda ya san ranar da kuɗi za su shigo; a rubuta wata na ɗaya, wata na biyu, ana ƙirgawa daga ranar shigowarsu, sannan a bayyana cewa ɗiban damina sai wajen Agusta, na rani sai wajen Maris ko Afrilu, kuma wanda ya fara zuwa da shi za a fara. A ware watanni biyu na farko don iznin kwamitin ɗa'ar bincike da sayen kaya, a cire makonnin jarrabawa da duba takardun ɗalibai, a tuna da watan azumi da ba kowa zai jure yini a rana ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ko da yake ba mai iya sa irin wannan a lissafi, wanda ya cika watanninsa goma sha biyu maƙil ko jinkirin mako biyu ya isa ya rushe masa tsari. A bar wata ɗaya fili a ƙarshe.

Kuɗin tallafi amana ne, kuma akwai ranar hisabinsa a ofishin ma'aji. Direban ƙauye da mai sayar da ƙanƙara ba su da rasit, don haka malam, kafin fita ta farko ka buga 'yar takardar shaidar biya mai gurbin suna da kwanan wata da adadi, duk wanda ka biya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa nan take, kafin ka shiga mota.