Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka ce "taki ne ya jawo"

Inda matsalar take

Ɗalibi ya tara bayanan manoman masara, ya ga masu zuba taki da yawa sun fi samun amfani, sai ya rubuta cewa takin ne sanadi. Amma ai ba ƙuri'a aka jefa aka raba takin ba. Kowane manomi shi ya zaɓi adadin da zai zuba, gwargwadon aljihunsa da ƙarfin gonarsa, kuma waɗannan ma suna taɓa amfanin. Wannan cuɗanya ta abin da ake zaton sanadi ne da abubuwan da ba a auna ba ita masana ke kira endojeniti.

Lissafin abin da aka bari a baya

Mu ƙaddara masu zuba buhu 4 a hekta suna girbe buhu 30, masu zuba buhu 2 suna girbe 20. A ido, kowane buhun taki ya kawo buhu 5. To, a ce ƙasa mai ƙarfi tana ƙara buhu 8 ita kaɗai, kuma kashi 75 cikin ɗari na rukunin farko suna da ita, na biyun kuwa kashi 25. Ratar rabi ce, rabin 8 kuma 4. Ka ga buhu 4 daga cikin 10 na ƙasa ne. Saura 6, wato buhu 3 kan kowane buhun taki.

Sharaɗi biyu ne suka haifar da kuskuren: abin da aka bari yana taɓa amfani, kuma yana tafiya tare da taki. In ɗaya ya faɗi, ba karkata. Lamarin yana iya juyewa ma: idan gonar da ta gaji ake ɗura wa taki, lissafin zai rage wa takin daraja.

Sakamako na iya komowa sanadi

Manomin da ya ga masararsa ta yi kyau ya fi yarda ya ƙara yuriya a zubi na biyu. A nan kyan shuka ne ya jawo taki.

Me za a rubuta?

Jimlar "akwai yiwuwar wasu dalilai" ba ta gamsar da ni, domin ba ta nuna wa mai karatu komai. Ambaci abin da sunansa, ka faɗi yadda yake taɓa amfani da yadda yake tafiya da taki, sannan ka bayyana ko adadinka ya yi sama ko ƙasa.

A 1961 wani masani, Yair Mundlak, ya tunkari matsalar abin da aka bari da bayanan gonakin Isra'ila: ya bi gonakin shekaru da dama, yana kwatanta kowace da kanta, domin ƙwarewar mai gona ta fita daga lissafi. Dabarar tana cire abin da ba ya canjawa ne kawai. Ruwan bana da tsutsar bana suna nan. Kuma kada ka saka kuɗin da manomi ya samu bayan girbi cikin abubuwan da kake daidaitawa, domin shi ma daga amfanin ya fito.