Baucar jarrabawar kwamfuta: Duba wa'adi kafin ka duba rangwame

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke neman takardar shaidar ƙwarewa ta CompTIA, kamar A+ ko Security+, yakan biya kuɗin jarrabawa ne ta hanyar sayen bauca. Bauca wata lamba ce ta haruffa da alƙaluma da ake shigarwa lokacin kama gurbi a tsarin Pearson VUE, kamfanin da ke shirya zaman jarrabawar. Kowace bauca kuɗin zama ɗaya ce, kuma tunda da dala ake yanke farashinta, asararta ba ƙaramin ciwo ba ce ga mai albashin naira.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne wa'adi. Baucar da aka saya kai tsaye daga CompTIA takan yi wata 12 daga ranar saye, ba daga ranar da mutum ya fara karatu ba. Kama gurbi kaɗai bai wadatar ba, dole ne a zauna jarrabawar kafin wa'adin ya cika. Idan ya cika, ba a tsawaita shi, ba a kuma mayar da kuɗi.

Nan ne rangwame ke yaudarar mutane. Wasu dillalai na sarin bauca da yawa, sai su karya farashin waɗanda wa'adinsu ya kusa ƙarewa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, cikakken farashi dala 400 ne, sai dillali ya bayar a kan 340 amma saura kwana 45. Ga wanda ya gama shiri, wannan riba ce ta dala 60. Ga wanda ke buƙatar mako 10 na karatu, wato kwana 70, ko dai ya shiga jarrabawa bai shirya ba, ko baucar ta mutu a hannunsa. Idan ya sake saye a cikakken farashi, ya kashe 740 ke nan. Araha, in ji Bahaushe, ba ta ado.

Sai batun ƙunshi, inda ake haɗa bauca da damar sake zama idan an faɗi. Lissafinsa ba shi da wuya. A misalinmu, a ce ƙunshin dala 520 ne, wato ƙarin 120 a kan 400. Raba 120 da 400, za ka samu kashi 30 cikin 100. Idan kana ganin yiwuwar faɗuwarka ta haura haka, ƙunshin ya fi maka sauƙi, domin faɗuwa ba tare da shi ba na nufin biyan 800. Idan kuwa ba ta kai ba, bauca guda ta ishe ka, domin wanda ya ci a zaman farko ba ya amfana da damar ta biyu. Ma'aunin da ya fi shi ne makin da kake samu a gwajin da ba ka taɓa gani ba, cikin ƙayyadajjen lokaci. Security+ dai tambayoyi ne da ba su wuce 90 ba a cikin minti 90, kuma ana cin ta da maki 750 a ma'aunin 100 zuwa 900.

Sai dai damar sake zama ma tana ƙarƙashin wa'adi. Wanda ya jinkirta zaman farko zuwa makon ƙarshe ya kashe ta da hannunsa. CompTIA ba ta tilasta jira tsakanin zama na farko da na biyu, amma kafin na uku sai an jira kwana 14. Abin da ya dace shi ne a bar aƙalla wata guda bayan zaman farko domin gyara inda aka gaza.

Akwai kuma wa'adi na biyu da ake mantawa da shi, wato na jarrabawar kanta. An daina Security+ mai lamba SY0-601 a ranar 31 ga Yulin 2024, bayan SY0-701 ta fito a watan Nuwamban 2023. Littafin tsohuwar manhaja ba zai kai mutum ga ci a sabuwa ba. Ita kuwa A+ jarrabawa biyu ce, kowacce da baucarta, kuma dole su kasance daga zubi ɗaya.

Kafin ka biya, nemi a rubuta maka ranar ƙarewar wa'adi, da lambar jarrabawar, da ƙasar da baucar ke aiki a cikinta, domin wadda aka ware wa Amurka ba lallai ta shiga a Najeriya ba. Tabbatar dillalin yana da izinin CompTIA. Da zarar lambar ta zo, kama gurbi nan take, ta haka za ka gane ko tana aiki. Idan uzuri ya taso, sauya rana aƙalla awa 24 kafin lokacin zama a cibiya, domin wanda bai halarta ba ya yi asarar baucarsa tamkar wanda ya zauna.